Ƙusar Ƙasa: Hisabinta Sai Watan Agusta

Masu haƙa rijiya a ƙasar Funtuwa da Bakori da Malumfashi sun san jerin da ƙasar yankin take bi tun kafin injiniya ya zo da injin bincike. Daga sama akwai ƙasar noma, sai jar ƙasa da marmara mai karya diga, sai kuma wani ruɓaɓɓen dutse mai laushi, fari-fari, wanda yake marmashewa a hannu, kafin a tarar da dutsen asali. A cikin wannan mai laushin ne ruwa yake fara tsattsafowa, kuma a nan ne rijiya take yawan zubewa. Duk wanda zai yanka gefen tudu domin fitar da hanya, ko ya haƙa rami mai zurfi a tsakiyar gari, da wannan jeri zai yi hulɗa.

Maganar ta daina zama ta nesa. Birnin Katsina ya samu gadar ƙasa a Ƙofar Ƙaura a farkon 2023, aka buɗe tashar tsandauri a Funtuwa a 2024, manyan motoci kuma kullum ƙaruwa suke yi a hanyoyin Zariya da Gusau da Yashe. Inda aka faɗaɗa hanya dole a yanki gaɓa, kuma sau da yawa akwai gona ko gida a samanta, ba a da filin da za a kwantar da gangaren. Dabaru biyu ne duniya ta fi amfani da su a irin wannan matsatsi: ƙusar ƙasa da anga. Ga wannan yanki ƙusa ta fi dacewa, amma da sharaɗi biyu da ya kamata hukuma ta ƙi sassautawa a kansu: a gwada ta da ja, kuma a yi wa ruwa hanyar fita.

Yadda ake kafa ƙusa

Ƙusar ƙasa rodi ne dogo da ake binnewa a jikin gaɓa. Aikin daga sama yake farawa ya gangaro. Za a yanke ƙasa zurfin mita ɗaya da rabi, a tsaya. A huda ramuka masu faɗin kamar santimita 10, sun ɗan sunkuya ƙasa da digiri 15, tsakanin kowane da ɗan'uwansa mita ɗaya da rabi. A zura rodi a tsakiyar ramin, a ɗura ruwan siminti mai kaurin kunu ta bututu tun daga can ƙurya har ya cika ya fito baki. Sannan a shimfiɗa ragar ƙarfe a fuskar gaɓar, a fesa kankare, a ɗaure kan kowace ƙusa da faifan ƙarfe da noti. Sai wannan hawa ya kama kafin a yanki na ƙasa da shi.

An fara aikin a wannan siffa a 1972 kusa da Versailles ta ƙasar Faransa, inda aka riƙe gaɓar yashi mai tsayin mita 18 lokacin faɗaɗa hanyar jirgin ƙasa. Abin da dabarar take nema daga ƙasa ɗaya ne: ta iya tsayawa da kanta kwana ɗaya ko biyu bayan an yanke ta, kafin a sa mata riga. Jar ƙasar kudancin Katsina tana yin haka cikin sauƙi da rani. Kayan aikin ma ba baƙi ba ne: rodi, siminti, injin huda da kwamfaresa.

Ƙusa ba ta ɗaukar kaya ranar da aka kafa ta. Sai gaɓar ta ɗan motsa za ta ja ƙusar, ita kuma ta turje. Motsin kaɗan ne, yawanci kashi ɗaya zuwa uku cikin dubu na tsayin gaɓar; a gaɓa mai mita 6 ke nan abin bai kai santimita 2 ba. Gonar masara ba za ta ji wannan ba. Katangar bulo da ke daf da bakin ramin kuwa tana iya tsagewa.

A nan anga take shigowa. Ita igiyar ƙarfe ce ko sanda da ake turawa can nesa, a kama ƙarshenta kaɗai da siminti, a bar sauran tsawonta sake cikin kube. Idan simintin ya bushe sai a ja ta da jak, a kulle ta a ɗame a jikin bango. Tun kafin ƙasa ta yi yunƙuri an riga an danne ta. Tun cikin shekarun 1930 aka ɗaure madatsar ruwa ta Cheurfas a Aljeriya da irinta, kuma har yau ita ake nema inda rami mai zurfi yake maƙwabtaka da bene.

Lissafin mita ɗaya

A ɗauki misali: gaɓa mai tsayin mita 6 a gefen hanya, an yanke ta kusan a miƙe, aka tsara mata layi huɗu na ƙusoshi, kowace mita 6, da rodi mai kaurin milimita 25. Idan irin wannan gaɓa za ta zube, ba dukan tudun ne zai taso ba. Wani yanki ne mai siffar tsinin gatari zai ɓalle, siririnsa a gindi, faɗinsa a sama. A daidai layin ƙusoshin farko, faɗin wannan yanki yakan kai mita 3. Ma'ana, mita 3 na farko na ƙusar suna cikin ƙasar da take son tafiya, kuma mita 3 na ƙurya kaɗai ne suke riƙe da ƙasar da ba ta motsi.

A ƙaddara gwaji ya nuna cewa kowane murabba'in mita na jikin simintin yana kama ƙasa da ƙarfin tan 10. Kewayen rami mai faɗin santimita 10 kusan santimita 31 ne, don haka kowace mita ta ƙusa tana riƙe kimanin tan 3. Mita 3 na ƙurya sun ba da tan 9. Idan nauyin da ya faɗa wa wannan ƙusa tan 5 ne, akwai rara kusan ninki biyu. Rodin kansa kuwa yana iya ɗaukar fiye da tan 20 kafin ya miƙe. Ashe ba ƙarfe ne raunin aikin ba. Raunin yana inda siminti ya haɗu da ƙasa.

Yanzu a ce an datse mita ɗaya daga kowace ƙusa domin tsimi. An rage kashi ɗaya cikin shida na rodi, amma mitar da aka cire daga ƙurya ta fita, don haka riƙon ya sauka daga tan 9 zuwa 6: sulusi ya tafi. Daga waje babu abin da ido zai gani, faifai da noti suna nan lafiya lau, kuma gaɓar za ta tsaya cak har ƙarshen bazara. Idan kuma ruwan damina ya ratsa ƙasar ya rage kamunta da wani sulusin, riƙon ya koma tan 4, alhali kayan da ke kanta tan 5 ne, jiƙaƙƙiyar ƙasa ma ta fi busasshiya nauyi.

Yaudarar rani

Abin da yake sa jar ƙasa ta tsaya kamar bango da rani shi ne ɗan danshin da ke tsakanin ƙwayoyinta, wanda yake tsotse su wuri ɗaya. Idan ruwa ya cika ƙofofin nan, tsotsar ta ɓace. Ruwan kuma yakan bi tsagar marmara ya taru a kan ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙasa, ya laushe shi, gindin gaɓar ya zame, saman ya biyo. Yankin Funtuwa yana cikin mafi samun ruwa a jihar, kuma mafi yawansa yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba. Ayyukan hanya kuwa da rani ake yin su, da rani ake duba su, sau da yawa da rani ake biya.

Kankaren da aka fesa yana iya ƙara dagula lamarin, domin ya toshe fuskar da ruwa yake bi ya fita. Shi ya sa ake jera zirin magudana a bayansa kafin feshi, a bar ƙofofin tsiyaya a gindi, a gina lambatu a saman gaɓar ya kama ruwan gona kafin ya zubo. Alamun matsala ba sa buƙatar digiri. Ƙofar tsiyaya da ta bushe a watan Agusta alhali bangon yana naso ta toshe ne. Wadda take fitar da jan ruwa tana ɗebe ƙasar bayan bangon. Tsaga da ta bi bakin gaɓa a tsawo daga sama, ko faifai da ya lotsa cikin kankare, ko jan tsatsa da ke gangarowa daga kan noti, duka saƙo ne cewa a kira injiniya kafin ruwa na gaba.

Dalilin fifita ƙusa

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce anga ta fi aminci, tunda kowace ɗaya ake ja da jak fiye da kayan da za ta ɗauka kafin a kulle ta, ƙusoshi kuwa kamar ɗaya cikin ashirin ake gwadawa. Gaskiya ne, kuma inda gini yake bakin rami babu makawa sai ita. Amma anga ƙarfe ne da yake ɗame dare da rana, kuma ƙarfe a ɗame idan tsatsa ta ci shi tsinkewa yake yi farat ɗaya. Tana bukatar a riƙa buɗe kanta ana dubawa shekara da shekaru. Angogi kaɗan ne suke riƙe bango, faɗuwar ɗaya babbar asara ce; ƙusoshi kuwa suna da yawa, idan ɗaya ta gaza maƙwabtanta sukan raba kayanta, gaɓar ta tsage ta yi gargaɗi.

Hong Kong ta bi wannan hanya. Zaftarewar ƙasa ta 18 ga Yuni 1972 ta kashe mutum 138 a Sau Mau Ping da titin Po Shan, aka kafa ofishin kula da gangare a 1977. Ƙasarsu ma ruɓaɓɓen dutse ce mai shan ruwan sama mai yawa, kuma ƙusar ƙasa ce ta zama babbar dabararsu ta gyara tsofaffin gaɓoɓi. Wurin da yake da ma'aikatar da ke bin kowane gangare da rajista ya karkata ga abin da bai cika neman kulawa ba. Balle gefen hanyar karkara inda kwalbati yakan shekara a toshe.

Abin da ya rage na takardar kwangila ne. A rubuta cewa za a auna tsawon kowane rodi a gaban mai duba aiki kafin a zura shi, a kuma rubuta yawan simintin da kowane rami ya sha. A ja ƙusoshin gwaji da ninki ɗaya da rabi na kayansu, a riƙe minti 10, a ga ko za su zame fiye da milimita ɗaya, kuma a yi gwajin a kowane irin ƙasa, musamman mai laushin nan ta ƙasa. A biya kuɗin magudana a matsayin aiki mai zaman kansa, yadda ba za a haɗiye shi cikin kuɗin kankare ba. Sannan a riƙe kaso na ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila har gaɓar ta ga damina guda cikakkiya, a zo a duba ƙofofin tsiyayarta ana cikin marka.