Gahawar Kaka

A wannan wata ɗan gajeren labari na kawo miki daga Kasala, wani gari a gabashin Sudan inda Hausawa suka daɗe da zama, da yawansu zuriyar mutanen da suka bi hanyar Makka a ƙasa ne, zama ya kama su a can. Mutanen wannan yanki sun shahara da shan gahawa mai citta, wadda suke kira jabana, da sunan ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya da ake zuba ta a ciki. Ki biyo ni a hankali, domin a cikin labarin akwai yadda ake dafa ta.

Akwai wani dattijo da ya shekara arba'in matarsa na dafa masa gahawa bayan sallar asuba. Da Allah ya yi mata rasuwa, sai surukarsa ta karɓi aikin. Ga yara masu shirin makaranta, ga abin kari, don haka sai ta riƙa sayen dakakkiyar gahawa tana tafasawa cikin gaggawa. Tsoho ya kan kurɓa sau ɗaya ya ce, “Allah ya yi albarka,” ya ture finjalin gefe. A hankali ya daina fitowa tsakar gida da safe.

Jikansa ɗan shekara goma sha ɗaya ne ya lura. Ran nan ya leƙa ɗakin ya ce, “Tsoho, ko dai ƙarfin fitowa ne babu?”

“Kai dai ja'iri ne,” in ji kakan. “In fito in sha me? Ruwan wanke tukunya?”

“To koya mini irin ta Hajiya.”

Uwar yaron ta so ta hana, don tsoron wuta. Tsoho ya ce mata ta kwantar da hankalinta, shi zai zauna kusa. Sharaɗinsa biyu ne: murhun gawayi a tsakar gida zai zauna, ba a cikin ɗaki ba, domin hayaƙin gawayi a rufaffen wuri yana kisa, sannan yaro ba zai ɗaga komai daga wuta ba sai yana zaune.

Washegari yaro ya auno ɗanyen ƙwayar gahawa cokali uku na cin abinci, ya tsince tsakuwa, ya zuba a ɗan kasko mai dogon mariƙi. Ya ɗora a kan wuta tana ci bal-bal, ya tsaya kallon tsuntsaye. Kafin ya ankara hayaƙi ya turnuƙe. Kakan ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya fasa ta, ya miƙa masa.

“Me ka gani, abokina?”

“Bayanta baƙi, cikinta fari-fari.”

“To ka ƙona mata riga, ita kuwa ɗanya ce. In ka dafa wannan, ɗaci da tsami za su haɗu a baki ɗaya.”

Ran nan ba a sha gahawa ba.

A rana ta biyu aka jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi ja, toka ta ɗan rufe shi. Yaro ya riƙa girgiza kasko ba tsayawa. Ƙwayar ta tashi daga kore ta koma rawaya, daga nan ta yi ruwan ƙasa, sai ya ji tana ƙas-ƙas kamar gugguru.

“Ta yi?”

“Ta fara magana dai. Ci gaba.”

Bayan kamar minti goma da ɗorawa ta yi duhu, ta soma ɗan ƙyalli na maiƙo. Nan tsoho ya ce a sauke. Yaro ya juye ta a faifai ya baza don ta huce, ya hure ɓawon da ya saki. Kakan ya sunkuyo ya jawo hayaƙin zuwa hancinsa da tafin hannu, ya yi shiru na ɗan lokaci. Haka marigayiya ta kan kawo masa ya shaƙa kafin ta daka.

Da ta huce aka zuba a ɗan turmi tare da busasshiyar citta, gwargwadon rabin ƙaramin cokali. Yaro ya daka har ta yi laushi, ya juye a ɗan gwangwani mai mariƙi da ruwa kofin shayi biyu, ya ɗora. Sai wani abokinsa ya ƙwala masa kira daga ƙofar gida. Waiwayen da zai yi, gahawa ta taso ta malale a kan garwashi, toka ta tashi. Idon yaro ya ciko da ƙwalla.

“Ba ta son a juya mata baya,” in ji tsoho. “Kakarka ma sai da ta kashe mini wuta sau uku tana amarya.”

A rana ta uku yaro bai ɗauke ido ba. Da kumfa ya taso ya kusa baki sai ya ɗaga gwangwanin, ya lafa, ya mayar. Sau uku ya yi haka. Tun da farko ya ɗauraye jabana da ruwan zafi ya ajiye ta gefen garwashi, domin in aka zuba gahawa a tulu mai sanyi nan da nan take hucewa. Ya juye a ciki, ya cusa ɗan zaren dabino da suke kira lif a bakin tulun don ya tare tsaki. Ya kai hannu zai tsiyaya, tsoho ya riƙe shi.

“Bari ta kwanta. Yi salati a hankali har minti biyu ko uku su wuce.”

Sannan ya sa sukari a finjali, ya tsiyaya siriri ba tare da girgiza tulun ba, ya miƙa da hannun dama. Wannan zubin farko shi suke kira bikri, shi ya fi ƙarfi. Tsoho ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya shanye. Bai ce komai ba, sai ya miƙo finjalin a ƙara. Aka ƙara ruwa a kan tsakin aka sake tafasawa, zubi na biyu ya fito da sauƙi. Uwar yaron tana bakin madafi tana kallo. Tun daga ranar, kafin yaro ya fito ya kan tarar da kakansa ya riga ya shimfiɗa tabarma yana jira.

To uwargida, in za ki gwada, ki riƙe alamomin nan. In ƙwaya ta ƙi dakuwa, tana tsalle a turmi, ba ta soyu ba, kuma za ta yi tsami. In ta yi baƙi ƙirin tana murmushewa kamar gawayi, ta ƙone, sukari ba zai ɓoye ɗacinta ba. In kin ji tsaki a harshe, an yi gaggawar tsiyaya ne. Ki soya daidai ta yini ɗaya, domin da zarar an daka ta ƙamshinta ya fara gudu. Kada ki wanke tulun yumɓu da sabulu, yana shan warinsa. Ruwan zafi ya isa.

In kuwa yaro za ki koya wa, ki fara ba shi tsinta da daka, suya da tafasa su biyo baya, babba na zaune kusa. Nasa dafawa ne ba sha ba, domin gahawa mai ƙarfi tana hana yara barci. Kuma ki ware ƙwayar kwana biyu ko uku da za ta lalace a hannunsa, kada ki karɓe kaskon a ranar farko. Yaron da ya fasa ƙwayar da ya ƙona da hannunsa ya ga cikinta, ba sai an sake ce masa ya rage wuta ba.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.