Sunan gem ɗinka na kira ne, ba na ado ba

Yau maganar 'yan PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile za mu yi, musamman masu kunna makirfo suna wasa a tawaga. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk sunan da abokin wasanka ba zai iya kira da numfashi ɗaya ba lokacin da ake ruwan harsashi, to ba suna mai ƙarfi ba ne, komai kwalliyar da ka yi masa.

Ku duba yadda abin yake a fili. Ku huɗu ne a tawaga, wani ya hango abokin gaba ya zagayo ta bayanka. Daƙiƙa ɗaya ko biyu gare shi ya sanar da kai. In sunanka `xX_D4rkK1ll3r_Xx` ne, wallahi ba zai tsaya karantawa ba. Ko dai ya ce "kai, kai, bayanka!" mutum uku su waiwaya lokaci guda, ko ya kira ka da lamba, tunda PUBG Mobile tana ba kowa lamba daga 1 zuwa 4, ya ce "mai lamba uku". Ka ga sunan da ka ɓata dare kana ƙawatawa bai yi maka aikin komai ba a lokacin da ka fi buƙatarsa.

Dubi manyan 'yan wasan da duniya ta sani: Faker na Koriya ta Kudu a League of Legends, Ninja na Amurka a Fortnite, Mortal na Indiya a PUBG Mobile, Nobru na Brazil a Free Fire. Duk gaɓa biyu ne, babu fukafukai, babu kambin sarauta. Mai sharhi zai iya ihu da sunan, ɗan kallo ya ji sau ɗaya ya riƙe. Kwarjinin daga wasansu ya zo, sunan kawai bai tare masa hanya ba.

Akwai dalili na sauti a ciki. Muryar da ke bi ta gem an matse ta don kada ta cinye data, ga ƙarar bindiga, ga netwok mai yankewa, wani kuma janareto na ruri a bayansa. A irin wannan yanayi sautuka masu iska kamar s da f da h su ne suke fara ɓacewa ko su rikiɗe da juna. Masu fita da ƙarfi kamar b, d, g, k, t, tare da wasali buɗaɗɗe irin a da o, sun fi tsira. Matsalar nan ce ta sa matuƙa jirgin sama ba sa faɗin harafi tsurarsa a rediyo, sai su ce Bravo, Delta, Tango, Kilo, tsarin da ake amfani da shi tun 1956. An zaɓi kalmomin ne don mutanen harsuna daban-daban su iya faɗa kuma a ji su cikin hayaniya. Abin da sunan gem ke buƙata ke nan.

Bari mu ɗauki wancan sunan na sama mu gyara shi. Da farko, haruffa da alamominsa 16 ne, PUBG Mobile kuwa 14 take karɓa, to dole ma a rage. In ka cire x-x ɗin, ka mayar da lambobin haruffa, abin da ya rage shi ne `DarkKiller`. Yanzu faɗe shi da ƙarfi yadda abokanka za su faɗa. "Dak Kila" zai fito, kwana biyu kuma an gutsure shi ya koma "Kila". Ga Bahaushe wannan kusan "ƙila" ne. Wato ka so a kira ka makashi, ka ƙare ana kiranka da "wataƙila". Wannan ƙa'ida ce da ba ta tashi: in ba ka gajarta sunanka da kanka ba, tawagarka za ta gajarta maka, kuma ba za su nemi shawararka ba.

To sai mutum ya ce bari ya koma Hausa, kuma ni ma can na fi karkata, domin kalmominmu galibi gaɓoɓi ne buɗaɗɗu masu sauƙin faɗa. Sai dai akwai ramuka biyu. Na farko, kada sunanka ya yi karo da maganar da ake yi a fagen daga. `Wuta` suna ne mai zafi, amma ranar da aka yi ihun "Wuta!" wani zai ɗauka umarni ne ya buɗe wuta, ya tona inda kuka ɓuya. Haka `Harbi` da `Gudu`, haka ma `Sniper` da `Smoke` in kana wasa da masu Turanci, don "Sniper a hagu" ba a san kai ake nufi ko maharbin abokan gaba ba. Na biyu, ka tuna ba da Hausawa kaɗai za a haɗa ka ba. `Dodo` a wajenmu abin tsoro ne, a wajen Bayerabe soyayyar ayaba ce. `Tsawa` na da daɗi a bakinmu, amma wanda ba Bahaushe ba zai sha wuya da "ts".

Sunan da ya tsallake duk waɗannan, misali, shi ne `Damisa`. Gaɓa uku, ya fara da d mai ƙarfi, kowa zai karanta shi yadda aka rubuta, ba ya kama da wani umarni, in an gutsure shi ma "Dami" ne, babu abin kunya. In ka tarar wani ya riga ka, to ka yi ƙarin a ƙarshe, kamar `Damisa07`, kada ka shiga tsakiya ka mayar da shi `D4m1s4`. Abin da ke wutsiya ba wanda zai furta, amma abin da ke tsakiya shi ke sa ido ya tsaya. Kuma kada ƙarin ya zama shekarar haihuwarka ko guntun lambar wayarka, don baƙi ne za su gani.

Na san wani zai ce ai adon ne ke firgita abokin gaba in sunan ya fito a jerin waɗanda suka yi kisa. Ban musa yana jan ido ba. Amma rubutun nan daƙiƙu kaɗan yake yi ya wuce, kuma wasu alamomin a wata wayar akwati-akwati kawai suke fitowa. Abokin gaba sau ɗaya zai ga sunanka, 'yan tawagarka kuwa duk dare za su yi ta kiransa. Wa ya fi cancanta ka sauƙaƙa wa?

Kafin ka taɓa komai, yi wannan gwajin. Kunna gem ɗin a wata wayar da ƙara sosai, ka tura wa abokinka saƙon murya a WhatsApp kana faɗin "wane, bayanka!" da sabon sunan, da sauri, sau uku. Ka ce ya rubuto maka abin da ya ji, ba tare da ka nuna masa rubutun ba. In ya rubuta daidai, sunan ya ci. In ya ce "me ka ce?", nemi wani. Gwajin kyauta ne, canjin suna kuwa ba kyauta ba ne: farashin da aka saba gani shi ne UC 180 na Rename Card a PUBG Mobile, da dayamon 390 a Free Fire. Gara ka gano matsalar a saƙon murya da ka gano ta bayan kuɗinka sun tafi.

Allah ya ba da sa'a a fage.