Kwana 180 na ɗaukaka ƙara: abin da ya kamata hadimi ya yi idan Facebook ya dakatar da asusunsa

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya ya san yadda ake amsa takardar tuhuma. Ana duba laifin da aka ambata, a duba wa'adin da aka bayar, sannan a amsa abin da aka tambaya kaɗai. Abin mamaki shi ne, mutumin da ya ƙware a wannan ladabi a ofis, da zarar ya buɗe wayarsa da safe ya tarar Facebook ya dakatar da asusunsa, sai ya manta da shi baki ɗaya. Sai ya shiga kiran waya yana cigiyar wanda ya san wani a kamfanin Meta, ko ya buɗe sabon asusu kafin azahar. Waɗannan matakai biyu suna iya jawo asarar asusun da da an yi haƙuri da an dawo da shi.

A ɗauki misalin hadimin wani babban jami'i a Abuja, wanda shi kaɗai ke riƙe da shafin ofishin maigidansa. Wani ya yi wa jami'in barazana a rubuce, hadimin ya kwafo kalaman ya wallafa domin ya yi tir da su. Washegari ya ga sanarwa a fuskar waya: "We suspended your account". A ƙarƙashinta an ambaci sashen Community Standards da ake zargin ya saɓa, an kuma ba shi kwana 180 ya ɗaukaka ƙara, in ba haka ba a rufe asusun har abada. Tun da shafin ofis a jikin asusun mutum yake rataye, hanyar shiga shafin ma ta toshe, ga shi kuma akwai sanarwar da ake jira a fitar.

Abu na farko da ya wajaba a kansa shi ne ya ɗauki hoton sanarwar, ya karanta ta a natse, ya tantance wane ne ya yi abin da ake zargi. Wannan tambaya ce ke raba hanya. In shi ne ya wallafa, kamar a misalin nan, maɓallin "Appeal" da ke kan sanarwar shi ne hanyarsa. In kuwa laifin da aka ambata bai yi kama da komai da ya taɓa rubutawa ba, to akwai yiwuwar ɓarawo ne ya shiga asusun. Alamar haka takan bayyana a imel: saƙon cewa an sauya kalmar sirri, ko an ƙara wata lambar waya, ko an shiga daga na'urar da bai sani ba. A nan ƙofar da ta dace ita ce `facebook.com/hacked`, domin wanda aka yi wa kutse ya je yana kare rubutun da ba shi ya yi ba, ya amsa tuhumar da ba tasa ba ce.

Ita kanta ɗaukaka ƙarar ba zaman kotu ba ce, kuma a nan ne masu muƙami suka fi yin tuntuɓe. Sau da yawa babu ma gurbin rubuta dogon bayani. Akan nemi mutum ya tabbatar da lambar waya ko imel ta hanyar lambar da za a turo masa, ya ɗauki ɗan bidiyon fuskarsa, wani lokaci kuma ya tura hoton takardar shaida kamar fasfo, lasisin tuƙi ko katin ɗan ƙasa. Abin da ake son sani shi ne ko akwai mutum na gaskiya a bayan asusun, kuma ko shi ne mai shi. Saboda haka hadimin da ya sa wa asusunsa laƙabin siyasa ko sunan maigidansa, ko ya rubuta ranar haihuwar da ba ta dace da ta katinsa ba, ya riga ya raunana hujjarsa tun kafin a tuhume shi. Hoton kati mai dishi-dishi, ko wanda aka yanke masa gefe, shi ma kan sa a ƙi karɓa. Takarda mai tambarin ma'aikata ba ta da gurbi a wannan layi. Wanda ke ganin muƙami zai yi tasiri ya tuna cewa a watan Yunin 2021 Twitter ya goge saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnati ta dakatar da dandalin a ƙasar har zuwa Janairun 2022.

Bayan an tura, sai jira. Amsa kan zo cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ta daɗe fiye da haka. In aka ƙi ƙarar, galibi sanarwa ta gaba cewa take an rufe asusun kuma babu sake dubawa. Dama ɗaya ce ke nan a mafi yawan lokuta, shi ya sa gaggawa ba ta da amfani a wurin wanda aka ba wata shida.

A tsakanin nan ne 'yan damfara ke cin kasuwa. Saƙo kan shigo da tambarin Meta yana cewa a latsa wani adireshi domin ɗaukaka ƙara cikin awa 24, ko wani ya ce a biya shi kuɗi zai buɗe asusun. Ɗaukaka ƙara kyauta ce, a cikin manhajar ake yinta, kuma duk wanda ya nemi kalmar sirri ko lambar da aka turo ta waya, asusun yake son sacewa. Buɗe sabon asusu domin kauce wa hukunci kuwa laifi ne mai zaman kansa a ƙa'idojin kamfanin, kuma sabon ma yana iya bin sahun tsohon.

Dakatarwa ba kasafai take zuwa babu gargaɗi ba, sai dai a manyan laifuka. Meta na lissafa saɓa ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya: na farko gargaɗi ne, a na bakwai a hana mutum wallafa komai na kwana 1, a na takwas kwana 3, a na tara kwana 7, daga na goma kwana 30. Kowane laifi yakan faɗi daga lissafi bayan shekara guda. Waɗannan sanarwoyi suna zaune a Support Inbox, inda hadimai da yawa ba sa leƙawa. Wanda aka goge masa rubutu bisa kuskure bai nemi a sake dubawa ba, ya bar tabo a fayil ɗinsa.

Wannan ba wanke kamfanin ba ne. Tsarin da zai hukunta mutum ba tare da ya nuna masa ainihin rubutun da ake zargi ba, ba a kira shi adalci cikakke ba, kuma na'urar da ke tace rubutu ba lallai ta bambance mai yin barazana da mai yin tir da ita ba, balle a Hausa mai cike da habaici da karin magana. Akwai kwamitin Oversight Board da ke sake duba hukuncin Meta, amma babban aikinsa a kan rubutun da aka goge ko aka bari ne, sai an gama ƙara a cikin manhaja ake zuwa gare shi, cikin kwana 15, kuma ƙararraki kaɗan yake zaɓa.

Laifin da ya rage na ofisoshin gwamnati ne da ke barin shafin hukuma a hannun mutum ɗaya. Da a ce ofishin da ke cikin misalin nan ya ba ma'aikata biyu ko uku cikakken iko da shafin, kowa da asusunsa mai sunansa na gaskiya, da sanarwar ta fita a kan lokaci yayin da hadimin ke jiran amsar ƙararsa.