Kada a biya kason ƙarshe na kuɗin shafin intanet sai an karɓi makullansa

Yawancin rigingimun da ke tashi tsakanin mai kasuwanci da wanda ya gina masa shafin intanet suna farawa ne daga zato guda, wato duk wanda ya biya kuɗin aiki ya mallaki aikin. A cinikin fili ko na mota a Gusau wannan zato daidai ne. A aikin shafin intanet kuwa, dokar Najeriya ta tafi a kan akasin haka.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. Sashe na 28 ya ba wanda ya ƙirƙiri aiki haƙƙinsa tun daga farko, sai fa idan yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. An keɓe gwamnati da ma'aikatunta, waɗanda haƙƙin aikin da aka yi musu bisa kwangila yake komawa gare su, amma makaranta mai zaman kanta ko shagon sayar da taki ba su cikin wannan keɓewa. Sashe na 30 kuma ya shar'anta cewa miƙa haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka wanda ya biya kuɗi da alkawarin baki, abin da ya samu shi ne izinin amfani da shafin, mallakar kuwa tana hannun magininsa.

A ƙaddara wata makaranta mai zaman kanta a Gusau, mai reshe a Tsafe, ta ba wani matashi daga Bunguɗu kwangilar shafi a kan naira 600,000: bayanin makaranta, fom na neman gurbi, da wurin da iyaye za su duba sakamakon jarrabawa. Takardar kwangilarsu ya kamata ta rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa.

Na farko shi ne adireshin shafin. Idan ya ƙare da .ng ko .com.ng, ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistarsa ta hannun dillalan da ta amince da su, kuma haya ce da ake sabuntawa, yawanci duk shekara. Wanda sunansa da imel ɗinsa suke kan rajistar shi ke riƙe da adireshin. Sau da yawa magini kan sa nasa don sauƙin aiki, ba da mugun nufi ba, amma ranar da ya canza layin waya ko ya koma Abuja, saƙon tunin sabuntawa zai tafi inda babu mai karantawa, iyaye su wayi gari shafin ya ɓace. Gane wannan ba wuya: shugaban makaranta ya shiga asusun dillalin da kansa ya duba sunan da ke kan rajistar. Idan ba shi da hanyar shiga, amsar ta riga ta fito.

Na biyu shi ne aikin da maginin ya yi da hannunsa, wato zane da rubutun manhaja. Wannan ne za a rubuta ƙarara cewa haƙƙinsa ya koma ga makaranta da zarar an kammala biya. Na uku shi ne kayan da maginin ma aro ya yi. Idan da WordPress aka gina shafin, lasisinsa na GPL ne, ba mai iya sayar wa makaranta mallakarsa. Haka wasu ƙarin manhajoji da ake biyan kuɗin sabunta lasisinsu duk shekara. Kwangila ta jera su da sunayensu, ta faɗi a asusun wa aka saye su.

Daga nan sai tsarin biya, wanda shi ne yake ba sauran sharuɗɗan ƙarfi. Ana iya raba kuɗin gida uku. Kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari, naira 180,000, ranar sa hannu. Kashi 40, naira 240,000, bayan makaranta ta gwada shafin a adireshin gwaji, ta cike fom, ta ɗora sakamakon aji ɗaya ta ga ya fito daidai. Ragowar naira 180,000 kuwa kada a ɗaure ta da ranar buɗe shafi, a ɗaure ta da ranar miƙa makullai: asusun adireshi, asusun sabar da shafin yake zaune a kanta, kalmar sirrin babban mai gudanarwa, da cikakken kwafin fayiloli da rumbun bayanai. Shafi yana iya buɗewa ya yi kyau alhali ko makulli ɗaya bai bar hannun magini ba.

Magina suna da hujjar da ba a raina ta. Idan suka miƙa komai kafin a cika musu, da me za su riƙe wanda ya ƙi biya? Maganin shi ne a yi musayar a zama ɗaya, hannu da hannu, kuma kwangila ta bayyana cewa haƙƙin mallakar aikinsu ba ya komawa ga makaranta sai kuɗin ƙarshe ya shiga. Ta haka kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan yake buƙata har zuwa ƙarshe.

Sharaɗin gyare-gyare ma kariya ce ga magini. A iyakance shi zuwa zagaye biyu, kowane zagaye jerin gyara guda a rubuce, daga mutum ɗaya da makaranta ta wakilta, cikin kwana bakwai. A kuma bambanta gyara da sabon aiki. Canza launi ko hoton shugaban makaranta gyara ne. Ƙara hanyar biyan kuɗin makaranta ta shafin sabon aiki ne da ke buƙatar sabon farashi. Sai dai ƙidayar kwanaki a Zamfara tana buƙatar togaciya. A farkon Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar, ba a maido da su a Gusau ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuma suka ƙara jira. Kwangila mai hangen nesa za ta ce wa'adin kowane ɓangare yana tsayawa muddin hukuma ta katse sadarwa, ya ci gaba idan ta dawo.

Saura kulawa bayan buɗe shafi. Kwana 30 na gyaran kurakuran aikin magini kyauta ya dace, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bayan haka a ƙulla yarjejeniya ta daban da za ta faɗi wanda zai riƙa sabunta manhaja, sau nawa za a ɗauki kwafin ajiya, da cikin awa nawa za a amsa idan shafi ya faɗi. A ware ladan magini daga kuɗin saba, musamman idan da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Maginin da ya yanke farashin shekara uku da naira kafin wannan sauyi, ko dai ya yi asara ko ya daina ɗaukar waya. Gara makaranta ta riƙa biyan kamfanin sabar kai tsaye daga asusunta.

Tun da shafin yana ɗauke da sunaye da sakamakon yara, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa makarantar alhakin tsare su. Don haka layin ƙarshe na kwangilar ya wajabta wa magini goge duk kwafin bayanan da ke kwamfutarsa idan aiki ya ƙare, makaranta kuma ta canza kalmomin sirri a ranar da ta karɓe su.