Lissafi a Kasuwa: Rangwame da Harajin Sayen Kaya a Rasit

Da yawanmu idan an tashi makaranta shagon baba ko na yaya muke wucewa, kuma da an kawo rasit mu ake miƙa wa, a ce ɗan boko duba mana. Yau za mu ga yadda ake duba shi layi-layi.

Harajin sayen kaya shi ne wanda ake rubuta VAT a rasit. An fara karɓarsa a Najeriya a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, sai a watan Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5. Ba kowane kaya ake ɗora wa ba. Kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa da masara, da magunguna, ba sa ɗaukarsa.

A ce wani mai shago a Yankara, cikin ƙaramar hukumar Faskari, ya saro kaya daga babban dila a Funtuwa. Farashin nan misali ne, kuma babu haraji a cikinsa. Ya ɗauki katan 3 na sabulu a kan ₦8,450 kowanne, da rangwamen kashi 5. Ya ɗauki tocila 7 a kan ₦1,275 kowacce, ba rangwame. Sai buhun shinkafa ɗaya na ₦60,000.

Mu fara da sabulu. Katan 3 sun kama ₦25,350. Kashi 5 na wannan shi ne ₦1,267.50, idan muka cire saura ₦24,082.50. A kan wannan ragowar ake ɗora haraji, domin ita ce ainihin kuɗin da aka sayar da kayan. Mun ninka ta da 0.075, kwakuleta ta ba mu 1,806.1875. Da dila ya ɗora harajin a kan ₦25,350 ɗin farko, da ya rubuta ₦1,901.25, mai shago ya biya kusan ₦95 a kan kuɗin da aka riga aka yafe masa.

Tocila 7 sun kama ₦8,925, harajinsu 669.375. Shinkafa kuwa babu komai a kanta. Nan ne amfanin bin layi-layi yake. Wanda ya tara kuɗin duka ya ninka da 0.075 ya ɗora wa shinkafa ₦4,500 da doka ba ta nema ba.

Yanzu ga matsalar 1,806.1875. Kwabo 100 ne ke yin naira ɗaya, don haka kuɗi ba ya wuce lamba biyu bayan ɗigo. Sai mu kalli lamba ta uku. Idan ta kai 5 ko ta wuce, mu ƙara ɗaya a kan ta biyu, idan ba ta kai ba mu bar ta biyun yadda take. Harajin sabulu ya zama ₦1,806.19, na tocila ₦669.38, jimla ₦2,475.57.

Amma idan muka haɗa kuɗin sabulu da na tocila tukuna, ₦33,007.50 ke nan, harajinsu zai fito 2,475.5625, wato ₦2,475.56. Bambancin kwabo ɗaya ya samo asali ne daga cike lamba sau biyu a hanyar farko, kuma duk biyun sama muka cike. Ba wanda ya cuci wani. Abin lura shi ne rasit ya bi hanya ɗaya tun daga sama har ƙasa. A jarrabawa kuma, cikewa sau ɗaya a ƙarshe ta fi kusa da ainihin amsa. Da ita, kuɗin da mai shago zai biya shi ne ₦33,007.50 da ₦60,000 da ₦2,475.56, wato ₦95,483.06.

Za ku ce yaushe rabon da a ga kwabo a kasuwa. Gaskiya ne, amma kwabon da aka cike da wuri yana haihuwa. Bayan rangwame katan ɗaya na sabulu ₦8,027.50 ne. Idan aka mayar da shi ₦8,028 kafin a ninka, kwabo 50 sun hau kowane katan. A katan 1,000 sun zama ₦500. Saboda haka a ninka tukuna, a cire rangwame, a ɗora haraji, cikewa ta zo daga baya.

Idan lissafinku da na rasit suka saɓa, girman bambancin zai nuna muku inda za ku duba. Kwabo ɗaya ko biyu na cikewa ne. Idan ya kai nairori, ku duba ko an ɗora haraji kafin rangwame, ko an ɗora shi a kan kayan da ba sa ɗauka.

Ga aikin gida: bokiti 5 a kan ₦1,990 kowanne, rangwame kashi 3, haraji kashi 7.5. Nawa za a biya? Amsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.