Waƙafi Biyu Masu Cinye Albashi

'Yan'uwa malamai, mun daɗe muna tauye wa ɗalibanmu haƙƙi. Muna sa su haddace cewa "who" na mutane ne, "which" na abubuwa, "that" kuwa na duka biyun, mu tsaya nan, sai ka ce waƙafi ado ne.

Makon jiya a Badariya na rubuta wa 'yan aji shida: "The teachers who came late will lose their pay." Ma'ana, malaman da suka makara kaɗai za su rasa albashi. Sai na ƙara waƙafi biyu: "The teachers, who came late, will lose their pay." Yanzu dukkanmu mun makara, dukkanmu mun rasa. Babu yaron da ya ga bambancin, laifin kuwa namu ne.

Mu koya masu gwaji guda: a goge sashen. Idan aka kasa gane su wa ake nufi, ba a sa waƙafi. Idan an gane, ƙarin bayani ne, sai a kewaye shi da waƙafi, kuma "that" ba ta shiga wurin. Wanda bai iya karanta takardar hukuma ba, da me zai ƙwaci haƙƙinsa?