"Ya Ka Gani?" Ba Tambaya Ba Ce

Akwai wata gajeriyar hira da ake maimaitawa kullum tsakanin marubuta da ɗalibai a birnin Kano. Mai aiki ya miƙo takardunsa ya ce, "Ga shi na gama, a duba mini." Bayan mako biyu ya dawo ya ce, "Ya ka gani?" Sai a amsa masa, "Masha Allah, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira." A rabu kowa yana murmushi, aikin kuma ya tafi maɗaba'a da duk lahaninsa. Mun saba ɗora laifin a kan mai dubawa, mu ce malalaci ne ko ba ya son faɗin gaskiya. Ni a ganina mafi yawan laifin yana wuyan mai tambaya, domin irin tambayar da ka yi ita ke haifar da irin amsar da za ka samu.

Wanda aka ce wa "ya ka gani?" an nemi ya yanke hukunci ne a kan aikin dungurungum, a gaban mai shi. A al'adarmu ta kunya da kara, ƙofa biyu kawai aka bar masa: ya yaba a zauna lafiya, ko ya kushe a ɓata. Mai hankali zai zaɓi ta farko. Wanda yake son a ga ya yi ƙoƙari kuwa, sai ya ɗauki jan biro ya bi kurakuran ƙa'idojin rubutu, ya sa lanƙwasa a ƙ da ɗ, ya raba kalmomin da aka haɗe. Idan rubutunka ya dawo da jan biro a shafuka goman farko, sauran kuma fes, to ka sani ko dai mai dubawar ya tsaya a nan, ko bai san abin da kake nema ba. Kuma bai gaya maka abin da ya tsayar da shi ba, alhali shi ne labarin da ka fi bukata.

Telolin Fagge sun daɗe da warware wannan matsala. Gogaggen tela ba ya miƙa maka riga ya ce "ta yi kyau?" Cewa zai yi ka sa ta. Sannan ya ce, "Alhaji, ɗaga hannu, hammata ta kama? Ɗan zauna mu gani. Wuyan ya shaƙe ka?" Mai rigar bai san ɗinki ba, amma babu wanda ya fi shi sanin inda ta matse shi. Tela yana karɓar bayanin inda ciwon yake, shi kuma ya san zaren da zai farke. Haka mai karatu yake. Ya san inda ya gaji, da inda ya ruɗe, da inda ya ƙi yarda, amma maganin ba lalle ya sani ba. Wani malamin koyar da rubutu a Amurka, Peter Elbow, ya gina shawararsa a kan wannan a littafin da ya fitar a 1973: a nemi mai karatu ya ba da labarin abin da ya faru a ransa yayin da yake karantawa, maimakon a sa shi alƙalanci.

Ga marubucin Kano wannan batu ne na kuɗi da mutunci. Tun daga shekarun 1980, lokacin da rubutun ƙagaggun labarai ya bunƙasa a hannun irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da sauran 'yan ƙungiyar Raina Kama, mafi yawan marubuta su suke buga littattafansu da kansu. Babu editan kamfani da zai tare rubutu ya mayar da shi gyara. Mai maɗaba'a a Sabon Gari aikinsa ya buga abin da aka kawo, ba ya tambayar ko babi na huɗu ya yi tsawo. Da zarar an ɗora shafuka a kan farantin bugu, kowane gyara sabon kuɗi ne, idan kuma an buga kwafi 1,000, kuskuren ya zama 1,000. Waɗanda marubuci ya ba su dubawa kafin ranar su ne editocinsa, ba shi da wasu.

Bari in kawo misalin wata tsohuwar ɗalibata, malamar firamare a Fagge. Ta kammala littafi mai shafi 96 da babi 12, tana shirin kai shi Sabon Gari. Labarin wata yarinya ce da mahaifinta, ɗan kasuwar Kantin Kwari, bashi ya yi masa katutu, ya ƙudura aurar da ita ga mai binsa. Ta gudu wurin gwaggonta, amma a babi na 9 ta dawo gida da ƙafarta. Mutum huɗu sun karanta, duk sun ce ya yi daɗi. Da ta kawo mini, na ce, "Wane wuri ne ke hana ki barci a littafin nan?" Ta ce, "Malam, dawowar yarinyar. Ina tsoron kada a ce ba ta da dalili." Na ce to wannan ita ce tambayarki, amma ba a haka za ki yi ta ba.

Idan ta ce, "Kin gamsu da dawowarta?" ta nuna amsar da take so, kuma za a ba ta. Sai muka rubuta 'yar takarda aka maƙala a bangon rubutun. Ga abin da ke ciki: "Wannan labari na rubuta shi ne don matan aure da 'yan mata masu karatun littattafan Hausa. Zan kai shi maɗaba'a nan da mako uku, don haka ina roƙon ki dawo mini da shi cikin kwana goma. Ba zan sauya ƙarshen labarin ko sunayen mutanen ciki ba, amma zan iya rage kowane babi ko in ƙara. Kada ki wahala da gyaran rubutu, akwai mai yi. Abu uku nake roƙo. Ki ja layi a duk inda kika ajiye littafin kika tashi. Ki rubuta mini a layi biyu dalilin da ya sa yarinyar ta dawo gida, yadda kika fahimta. Ki faɗa mini mutum ɗaya a labarin da za a cire ba ki ji kewarsa ba."

A lura da abin da takardar ta yi. Ta faɗi waɗanda aka rubuta dominsu, don kada a auna labarin da ma'aunin da ba nasa ba. Ta raba abin da ya riga ya daskare da abin da zai gyaru, don kada mai dubawa ya ɓata ƙarfinsa a kan ƙarshen da ba za a taɓa ba. Ta sa wa'adi, domin aikin da ba shi da rana ƙarƙashin matashi yake kwana. Mafi muhimmanci, babu tambaya ko ɗaya da za a amsa da "eh" ko "ya yi kyau", kuma babu wadda amsarta za ta zama cin fuska. Wadda ta ja layi a shafi na 33 ba ta zagi kowa ba, inda ta tashi kawai ta nuna.

Ta ba mata biyu masu yawan karatun littattafai wannan takarda. Sannan ta cire babi na 2 da na 5 kaɗai, inda ake harkar kasuwa, ta ba wani mai jiran shago a Kwari da tambaya guda: "Yaya, ina ne a nan ɗan kasuwa zai karanta ya yi dariya?" Malamin Hausa mai gyaran ƙa'idojin rubutu kuwa aka bar shi sai ƙarshe, domin babu amfanin goge shafin da wataƙila za a yage.

Amsoshin sun zo da nama a jikinsu. Matan biyu duk sun ja layi tsakanin shafi na 31 da na 38, inda aka yi ta bayanin shagalin bikin wata ƙawa. A kan dawowar yarinyar, ɗaya ta rubuta cewa tausayin mahaifiyarta ne, ɗayar ta ce gajiya ta yi da zaman gidan gwaggo. Alhali abin da marubuciyar ta nufa shi ne yarinyar ta gano an riga an biya bashin, mai bin yana ɓoyewa ne. Wannan bayani yana nan a littafin, amma a jimla ɗaya tak a shafi na 70, kuma duk su biyun sun tsallake ta. Mai jiran shagon kuma ya nuna inda aka yanka wa mai saye yadi 5 na atamfa. Ya ce atamfa a turmi ake sayar da ita, turmi kuma yadi 6 ne, shadda ce ake yankawa a yadi.

Gyaran da ta yi bai fi na mako guda ba. Ta mayar da shafuka 8 na biki zuwa 3, ta yi amfani da 5 da suka rage ta gina wurin da yarinyar ta gano gaskiyar bashin, a gaban idon mai karatu. Littafin ya tsaya a shafi 96. Wannan ma lissafi ne, domin ana buga littafi ne a manyan takardu da kowace ke ɗaukar shafi 8 ko 16, ƙarin shafi biyu kacal yana iya jawo kuɗin sabuwar takarda da sabon faranti.

Hanyar tana da iyaka da ya kamata a sani. Abin da mutum ɗaya ya faɗa yana iya zama ɗanɗanonsa ne kawai, sai biyu ko uku da ba su yi shawara da juna ba sun yi tuntuɓe a wuri guda sannan ya zama hujja. Tambaya kuma kada ta wuce uku, domin wanda aka jera wa goma zai zaɓi masu sauƙi ya bar masu ciwo. Akwai kuma haɗarin cewa tambayoyinka su rufe maka ido daga lahanin da ba ka hango ba. Maganinsa shi ne, bayan an amsa ukun, ka ce, "Akwai abin da ya tsaya miki a rai wanda ban tambaya ba?" A lokacin baki ya riga ya buɗe, za a faɗa.

Babban abin da ke rusa komai shi ne kare kai. Idan aka ce maka ba a gane dalilin dawowar ba, ka ce "ai na faɗa a shafi na 70", ka ci gardamar, amma ka rasa mai gaya maka gaskiya. Ba za ka bi kowane kwafi zuwa gidan wanda ya saya kana yi masa bayani ba. Ka rubuta abin da aka faɗa, ka yi godiya, ka bari ya kwana biyu kafin ka taɓa rubutun.

Ɗalibaina masu rubuta kundin kammala digiri, wannan ya shafe ku. Wanda ya ajiye mini babi biyar ya ce "Malam, a duba", sai layi ya zo kansa. Wanda ya ce, "Malam, a babi na 4 na yi ƙoƙarin amsa tambayar bincikena ta biyu, a wane sakin layi ne hujjar ta fara rauni?" yakan samu amsa a zama ɗaya, domin ya nuna mini inda zan sa ido. Kafin ka miƙa aikinka ga kowa, ka zauna ka rubuta wuri ɗaya da kake tsoro a cikinsa, sannan ka nemi tambayar da za ta gwada wurin ba tare da ta tona abin da kake so a ce ba.